Yadda ake rubuta wasiƙar likita da za ta sa inshorar lafiya ta amince da hoton MRI ko tiyata

Wanda zai karanta wasiƙar nan bai taɓa ganin mara lafiyar ba, kuma ba zai gan shi ba. Yana zaune a ofishin kamfanin inshora, wato HMO, ko a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha irin KSCHMA ta Kano ko KADCHMA ta Kaduna, buƙatu jibge a gabansa. Bai ji nishin da mutum yake yi idan zai tashi daga tabarma ba, bai ga yadda ƙafarsa take jan ƙasa ba. Abin da ke kan takarda shi ne kaɗai abin da ya sani. Shi ya sa mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, a asibiti ɗaya, sai a ba ɗaya izini a hana ɗaya, dangi su ce ai sanayya ce. Wani lokacin sanayyar ce. Amma sau da yawa wasiƙun ne suka bambanta.

Zan bi lamarin da misali guda, na ciwon baya mai sauka ƙafa, domin yana cikin waɗanda aka fi neman hoton MRI a kansu, kuma aka fi dawo da buƙatarsu. A Najeriya da Turanci ake rubuta wasiƙar, kuma likita ne ke rubutawa. Amma majinyaci da mai jinya suna da aikin da za su yi kafin ta da bayanta, kuma ya kamata su iya gane wasiƙar da za ta wuce da wadda za a dawo da ita.

Kafin a ɗauki biro: a san abin da inshorar ta ɗauka

A tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda aka sani da NHIS kafin dokar 2022 ta mayar da shi NHIA, kowane mai rajista yana da asibitinsa na farko. Ana biyan wannan asibiti wani ƙayyadajjen kuɗi a kan kowane mutum, ya zo ko bai zo ba, don ƙananan larurori. Abin da ya wuce wannan mataki, kamar ganin ƙwararren likita, babban hoto ko tiyata, sai an turo mutum gaba, kuma HMO ce za ta biya kuɗin aikin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne lambar izini take shigowa, wadda ma'aikatan asibiti suke kira kod. Idan babu ita, asibitin da ya yi aikin yana iya tashi a tutar babu, shi ya sa suke tsayawa kai da fata sai ta fito.

To matakin farko shi ne a je teburin inshora na asibitin a yi tambaya uku. Tsarin da nake ciki ya ɗauki wannan aiki? Idan ya ɗauka, duka ne ko wani kaso? A wane asibiti ko cibiyar hoto aka yarda a yi? Ta biyun tana da muhimmanci, domin ƙa'idar NHIS ta ma'aikatan gwamnati ta daɗe tana sa manyan hotuna irin CT da MRI cikin abubuwan da ake raba kuɗinsu biyu, inshora rabi, majinyaci rabi. Tsare-tsaren jihohi da na kamfanoni masu zaman kansu kowanne da nasa jadawalin. Idan aikin yana cikin abin da tsarin ya cire gaba ɗaya, babu wasiƙar da za ta shigar da shi, komai iya rubutun likita. Gara a san wannan tun ranar farko a fara neman kuɗi ta wata hanya, da a ɓata mako uku ana jiran amsar da an riga an san ta.

Aikin mai jinya: tattara shaidar abin da aka riga aka gwada

Mu ɗauki wata malamar firamare mai shekara 44. Wata biyu ke nan bayanta yana ciwo, ciwon yana bi ta ɗuwawun hagu ya sauka bayan cinya har saman ƙafa. Ta sha magani, an yi mata gashin ƙashi, an ɗauki hoton ƙashi na eksire. A makonni biyun nan kuma sai ta lura silifas ɗinta na hagu yana zamewa, yatsunta suna tuntuɓe da bakin tabarma.

Tambayar farko da mai tantancewa zai yi ita ce, an gwada abin da ya fi sauƙi? Yawancin irin wannan ciwo yana lafawa da kansa cikin mako shida ko makamancin haka, da magani da motsa jiki, kuma ya san da hakan. Saboda haka duk wata takarda da ke nuna an yi wannan ƙoƙari tana da daraja: katin asibiti, takardun magani, katin zuwa sashen gashi mai ɗauke da kwanan wata, rahoton eksire, sakamakon gwajin jini. Matsalarmu ita ce rabin jinyar a kemis ake yin ta, babu rubutu. Idan haka ne, a kawo kwalayen maganin ko a ɗauki hotonsu a waya, a faɗa wa likita ranar da aka fara da tsawon lokacin da aka yi ana sha, ya shigar cikin fayil. Idan an je wajen mai ɗori ko an sha na gargajiya ma a faɗa. Ba lalle ya shiga wasiƙa ba, amma likita yana buƙatar sani.

Sannan a duba suna. Wannan ƙaramin abu ne da ke cinye kwanaki. A katin inshora an rubuta sunan mahaifi, a katin asibiti an rubuta sunan miji. Ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Wasiƙar ta ɗauki suna da lamba daidai yadda suke a katin inshora, harafi da harafi.

Gangar jikin wasiƙar

Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa ɗaya da rabi. A kan takarda mai tambarin asibiti, da kwanan wata, zuwa ga daraktan kula da lafiya na HMO ko na hukumar. A sama a sa sunan majinyaci, shekarunsa, lambar inshora da lambar fayil.

Jimlar farko ita ce buƙatar kanta, ba tarihin ciwo ba. Likitoci da yawa sukan fara da labari tun daga ranar farko, sai a layin ƙarshe a gane abin da suke so. A juya shi. Kuma a ambaci aikin da cikakken sunansa. Neman hoton baya kawai bai wadatar ba. Wane irin hoto, na wane sashe na bayan, da allurar haska hoto ko babu? Ga malamarmu, da za a mayar da buɗewar Hausa, ga yadda za ta kasance:

«Ina neman izinin yi wa wannan majinyaciya hoton MRI na ƙasan ƙashin baya, ba tare da allurar haska hoto ba, cikin mako guda. Muna zargin faifan da ke tsakanin ƙashi na L4 da L5 ya zame ya danne jijiyar L5 ta hagu, kuma ƙarfin ƙafar yana raguwa.»

L4 da L5 su ne ƙashi na huɗu da na biyar a jerin ƙasusuwan ƙasan baya, jijiyar L5 kuma daga wajen take fita ta sauka ƙafa. Wanda ya karanta wannan buɗewa kaɗai ya san abin da ake so, dalili, da gaggawa. Idan fom ɗin HMO yana neman lambar cuta, ta wannan larura a jadawalin cututtuka na duniya, ICD-10, ita ce M51.1. A tabbata lambar da ke fom ta dace da abin da wasiƙa ta ce. Idan wasiƙa ta ce jijiya ta danne, fom kuma yana ɗauke da lambar ciwon baya zalla, za a bi fom ne a ce buƙatar ba ta kai ba.

Sai tarihi, a gajarce amma da kwanan wata. Yaushe ciwon ya fara, ina yake bi, me ya hana ta yi. A nan akwai bambanci tsakanin cewa tana fama da matsanancin ciwo da cewa ba ta iya tsayuwa gaban allo fiye da minti goma, sallah a zaune take yi, kuma mako uku ba ta je aiki ba. Kowace wasiƙa tana cewa ciwo mai tsanani. Mai tantancewa ya gaji da kalmar, ba ta motsa shi. Abin da ake iya aunawa shi ne yake tsayar da idonsa.

Inda wasiƙar take tsayuwa ko ta faɗi

Sakin layi na abin da likita ya gani da hannunsa shi ne ƙashin bayan takardar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙorafin majinyaci magana ce. Abin da aka auna shaida ce.

Ga malamar, likita zai rubuta cewa da aka kwantar da ita rigingine aka ɗaga ƙafar hagu a miƙe, ciwon ya harba zuwa ƙasa tun a kusurwa 40, alhali ta dama ta ɗagu lafiya. Zai rubuta cewa ƙarfin ɗaga babban ɗan yatsa da na ɗaga tafin ƙafa sama ya sauka zuwa 3 cikin 5. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, 5 shi ne cikakken ƙarfi, 3 kuma yana nufin tana iya ɗagawa da kanta amma da zarar an ɗan danna da hannu sai ta kasa. Zai ƙara da cewa saman ƙafar ya yi dundum, ba ta jin taɓi sosai, kuma ba ta iya takawa a kan dunduniyar hagu. Duk waɗannan alamu jijiya ɗaya suke nunawa, ta L5, kuma likitan da ke can ɓangaren inshora zai gane haka nan take.

Abin da ya fi komai ƙarfi kuwa shi ne kwatanci tsakanin ziyara biyu. Idan a ganin farko ƙarfin yana 5, bayan mako huɗu ya zama 4, yau ya zama 3, to a jera su da kwanakinsu. Wannan jeri shi ne ke rushe hujjar a ƙara jira. Ƙa'idar jiran mako shida ta ciwo ce kawai. Idan gaɓa tana rasa ƙarfi a kan idon likita, ba a jira, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta dawo yadda take ba ko an yi aiki daga baya. Amma jerin ba zai samu ba sai in an rubuta awon a fayil tun ziyarar farko. Likitan da ya rubuta ciwon baya, a ba da magani, ya rufe fayil, ya yanke wa kansa hujjar da zai nema bayan wata guda.

A kuma faɗi abin da aka duba ba a samu ba: babu zazzaɓi, babu rama, babu gumin dare, fitsari da bayan gida lafiya. A yankinmu wannan layi ba na cika takarda ba ne. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa. Idan akwai rama da zazzaɓin yamma, ko majinyaciya ta taɓa yin ciwon daji kamar na mama, to buƙatar ta canza gaba ɗaya. Ana iya buƙatar allurar haska hoto, wadda ke sa a fara duba lafiyar ƙoda, kuma kuɗin ya ƙaru. Gara a nemi daidai abin da ake so tun farko da a je cibiyar hoto a tarar kod ɗin bai ɗauki allurar ba.

Daga nan sai jerin abin da aka gwada, kowanne da suna da adadi da tsawon lokaci. An ba ta diklofenak miligiram 50 sau biyu a rana na mako uku, ciwon ya ragu kaɗan, aka tsayar saboda ya tayar mata da gyambon ciki. An yi gashi sau takwas cikin mako huɗu, babu canji. Eksire ya nuna tazarar da ke tsakanin L4 da L5 ta ɗan ragu, babu karaya. Wannan ya fi a ce an gwada magunguna daban-daban ba a dace ba.

Tambayar da wasiƙu da yawa ba sa amsawa

Me za a yi da sakamakon? Mai biyan kuɗi yana son ya san cewa hoton zai canza shawara. Idan ko me hoton ya nuna magani ɗaya za a ci gaba da bayarwa, to a wajensa kuɗi ne za a zubar don kwantar da hankali. Ni a ganina yana da gaskiya a nan, domin mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai idan aka yi musu MRI za a ga faifai ya ɗan turo. Hoton da aka ɗauka babu tambaya a bayansa tsoro kawai yake ƙarawa.

Don haka likita ya faɗa ƙarara: idan hoton ya tabbatar da danniyar jijiyar, za a miƙa ta ga likitan tiyatar ƙashin baya don duba yiwuwar cire ɓangaren faifan da ya zame. Idan bai nuna ba, za a nemi dalilin raunin ƙafar a wani wuri. Ya kuma amsa tambayar abin da ya fi araha kafin a yi masa ita. Eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna faifai da jijiya. CT ya fi shi, amma bai kai MRI fito da jijiya ba, kuma ba kasafai likitan tiyata zai yarda ya yanka a kansa kaɗai ba in dai ana iya yin MRI. Idan kuwa majinyaci yana da na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki da ke hana shiga injin, a nan CT yake zama zaɓi, kuma a faɗi dalilin.

Jimla ɗaya a kan abin da jinkiri zai jawo ta isa: akwai haɗarin ƙafar ta saki ta zauna a haka. Kada a zuzuta. Wasu sukan rubuta cewa majinyaci zai shanye ko zai mutu in ba a yi ba, suna ganin taimako ne. Likita ne zai karanta, kuma da ya kama ƙari ɗaya sai ya daina yarda da sauran. Balle a sauya kwanan wata ko a ƙirƙiri alamar da babu. HMO tana da damar neman fayil ta gwada da wasiƙa, kuma likitan da aka kama zai amsa tambaya gaban majalisar likitoci ta MDCN. Dangi su daina matsa wa likita da cewa ranka ya daɗe a ɗan ƙara gishiri.

A ƙarshen takarda, cikakken sunan likita, muƙaminsa, lambar rajistarsa, sa hannu, hatimin asibiti, da lambar wayar da za a same shi da gaske. Ga manyan ayyuka, sa hannun ƙwararren likitan sashen ya fi na ƙaramin likita nauyi, ko da ƙaramin ne ya tsara rubutun. Sannan a nemi yardar majinyaci kafin a aika, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗauki bayanan mara lafiya a matsayin sirri. Abin da bai shafi buƙatar ba a bar shi a fayil.

Bayan an aika

A ɗauki hoton wasiƙar da duk abin da aka liƙa mata kafin a miƙa. A rubuta rana da lokacin da teburin inshora ya tura, da sunan wanda ya tura. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su riƙa fitar da lambar izini cikin awa ɗaya da samun buƙata, ko su faɗi dalilin ƙi. Ko da a aikace manyan buƙatu sukan ja lokaci, sanin wannan umarni yana ba mai jinya bakin magana idan kwana ya fara juyawa.

Idan kod ya fito, a karanta shi da kyau. Na aiki ɗaya ne, a wuri ɗaya. A tambaya ko yana da wa'adi. Kuma a guji biyan kuɗi daga aljihu kafin ya fito da niyyar a karɓa daga baya, domin karɓo kuɗin aikin da aka yi babu izini yana da wuya ƙwarai.

Akwai yanayin da ba a jiran takarda ko kaɗan. Idan mai ciwon baya ya kasa yin fitsari ko ya fara zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu ba ya ji, ko ƙafafu biyu suka yi rauni tare, to tarin jijiyoyin ƙasan baya ne ya matse. Wannan lamari ne na awanni. A wuce sashen gaggawa na babban asibiti mai likitocin tiyatar baya, takarda ta biyo daga baya. Tsarin inshorar kansa ya yarda a fara ceton gaggawa sannan a nemi kod.

Idan aka ƙi, abu na farko a nemi dalili a rubuce. Mai jinya ya ce wa jami'in, «Yallaɓai, don Allah a ba mu dalilin a takarda, likita yana son ya gani.» Yawanci dalilin ba ya wuce uku. Ko wata takarda ta ɓace, wannan gyaran yini ɗaya ne. Ko tsarin bai ɗauki aikin ba, wanda muka riga muka yi magana a kai. Ko kuma sun ce larurar ba ta kai ba. A na ukun kada a sake tura tsohuwar wasiƙa. A sake auna majinyaci, a rubuta sabuwa gajera da ke amsa dalilin nasu kai tsaye: kun ce a cika mako shida na gashi, ga shi ƙarfin ƙafa ya sauka daga 4 zuwa 3 cikin kwana goma sha huɗu. Abin da ya fi saurin warware irin wannan shi ne likita ya kira likitan HMO su yi magana baki da baki. In duk an yi haka ba a dace ba, ana kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha, ko hukumar jiha in tsarinta ne, tare da kwafin komai.

Wasiƙar tiyata

A ce hoton malamar ya fito, ya nuna faifan L4/L5 ya zame ta hagu ya danne jijiyar. Izinin hoto ba izinin aiki ba ne. Sabuwar wasiƙa ake yi, daga likitan da zai yi tiyatar, a irin asibitin ƙashi na Dala, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika. Zubinta ɗaya da ta farko, sai dai nauyinta yana kan nuna cewa hoto da jiki sun yi magana ɗaya: ciwo a hagu, rauni a jijiyar L5, hoto ya nuna danniya a hagu a daidai wannan gurbi. Idan hoton ya nuna matsala a dama alhali ciwo a hagu yake, inshora za ta tsaya, kuma likitan kirki ma zai tsaya.

A liƙa rahoton likitan hoto mai sa hannu, ba faifan hoton kaɗai ba. A ambaci sunan aikin daidai, a ce cire ɓangaren faifai ne kawai ko har da ɗaure ƙashi da ƙarfe, domin tazarar kuɗinsu babba ce kuma tsare-tsare da yawa ba sa biyan ƙarafan. Takardar kuɗi ta zo a rarrabe: ɗakin tiyata, maganin sa barci, kwanakin gado, jini in ana tsammanin buƙata, magunguna, da gashin da za a yi bayan aiki. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Sai an sallami mutum a tarar kod ya ƙare a bakin ƙofar ɗakin jinya, a koma layin teburin inshora da ɗinki a baya ana neman sabon izini. A sa adadin zaman gashin da ziyarar duba ɗinki cikin buƙatar farko, a kuma tambayi jami'in ko kod ɗaya ya ɗauke su ko kowanne sai da nasa.